Yadda za a taƙaita wa mai shago sharuɗɗan biya da na mayar da kaya

Tambaya: Ni ce nake riƙe wa yayana lissafin shagonsa. Wani kamfani da zai riƙa kawo mana kaya a kan bashi ya aiko da yarjejeniya mai shafi 34. Yaya ya ce ba shi da lokacin karanta ta, in rubuta masa a shafi ɗaya yadda biyan kuɗi yake da yadda ake mayar da kaya. Na karanta sau biyu, kaina ya ɗaure. Me zan sa, me zan bari?

Amsa: 'Yar'uwa, ki daina ƙoƙarin gajarta yarjejeniyar. Wanda ya ɗauki shafi 34 yana matse kowane sashe zuwa layi biyu, abin da zai samu a ƙarshe yarjejeniya ce dai, ta ragu a tsawo amma wuyar fahimtarta tana nan. Yayanki ba ita yake nema ba. Yana son ya san ranar da kuɗi zai fita daga hannunsa, nawa ne, da ranar da ƙofar mayar da kaya za ta rufe a kansa. Don haka takardarki ta bi kwanaki, kada ta bi jerin sassan yarjejeniya. Na daɗe ina rubuta wa 'yan kasuwa irin wannan takarda, kuma duk wadda ta yi amfani a cikinsu, mai shago ya iya manna ta a bango kusa da kalanda ne.

Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, ki sani cewa sharuɗɗan biya ba sa zama wuri ɗaya. Sashen da aka rubuta wa suna biyan kuɗi yakan ce a biya cikin kwana talatin, ya yi shiru. Amma daga yaushe ake fara ƙirga kwanakin? Wannan yana can farko, a sashen da ake fassara ma'anar kalmomi, wanda kowa ke tsallakewa. Tarar jinkiri tana wani sashe, yawan bashin da aka yarda a ba ku yana cikin rataye a ƙarshe, hanyar aika ƙorafi kuma tana cikin ƙananan sharuɗɗan da ke dab da wurin sa hannu. Ki samu biro kala biyu. Ki bi takardar daga shafin farko har ratayen ƙarshe, duk inda kika ga adadin kwanaki ko kashi cikin ɗari ko kuɗi, ki ja masa layi: kala ɗaya na biya, ɗaya na mayar da kaya. A gefe ki rubuta lambar sashen. Idan kin gama za ki ga abin da ya shafe ki bai wuce wurare goma sha biyar ko ashirin ba. Ki kuma nemi sashen da ya faɗi wace takarda ce ke gaba idan aka samu saɓani tsakanin yarjejeniyar da rataye da abin da aka buga a bayan inbois, wato takardar neman biyan kuɗin kaya. Idan inbois ya ce kwana 45, yarjejeniya ta ce 30, wannan sashen ne zai raba gardama, kuma galibi yarjejeniyar yake bai wa gaskiya.

Bari in ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, da irin sharuɗɗan da aka saba gani. Ke kuma ki musanya lambobin da na cikin taku yarjejeniyar. Mu ɗauka an yi odar katon 200, kowane katon a kan 2,500, jimla 500,000. Kamfani ya rubuta inbois ranar Talata 3 ga Maris, amma mota ba ta sauke kayan ba sai ranar Alhamis 12 ga Maris. Yarjejeniya ta ce a biya cikin kwana 30.

Nan ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. Mai shago a ransa kwana talatin daga ranar da kaya suka shiga sito yake ƙirgawa, domin ranar ce ya gan su da idonsa. Da haka ne, wa'adinsa 11 ga Afrilu. Idan kuwa yarjejeniya ta ce daga ranar da ke kan inbois, wa'adin 2 ga Afrilu ne, wato kwana tara sun tafi tun kayan suna hanya, abin da ya rage masa na sayarwa ya tara kuɗin kwana 21 ne kawai. Akwai kuma kamfanonin da ke ƙirgawa daga ƙarshen watan da aka rubuta inbois, wanda zai kai wa'adin 30 ga Afrilu. Kalma ɗaya ce, kwana talatin, amma ta haifar da ranaku uku, tsakanin ta farko da ta ƙarshe mako huɗu cif. Shi ya sa ba na yarda a rubuta wa mai shago “biya cikin kwana 30” a tsaya. A rubuta masa daga ina ake ƙirgawa, a kuma ba shi misali da ranar wata, domin ranar wata ita ce ke zama a kai.

Sai ki duba me kamfanin yake nufi da an biya. Yawancin yarjejeniyoyi suna cewa biya ya tabbata ne ranar da kuɗin ya shiga asusunsu, ba ranar da aka tura ko aka rubuta cek ba. Wanda ya tura da yammacin ranar ƙarshe, kuɗin ya kwana a hanya, ya makara. Don haka a takardarki ki sa ranaku biyu: wa'adin yarjejeniya, da ranar da ya kamata a tura, ranakun aiki biyu kafin nan. Ki kuma rubuta cewa asusun da ke cikin yarjejeniya kaɗai ake biya. Damfarar da ake aiko saƙo da sunan kamfani ana cewa “mun canja asusu” tsohuwa ce kuma har yanzu tana ci, kuma wanda ya biya ɓarawo bashin kamfani yana nan a wuyansa. Layi ɗaya ya isa: duk saƙon canjin asusu, a kira lambar da aka sani tun farko a tabbatar.

Yanzu rangwamen biya da wuri. A inbois ana yawan rubuta shi haka: 2/10 net 30. Ma'anarsa, wanda ya biya cikin kwana 10 an rage masa kashi 2 cikin ɗari, in ba haka ba ya biya cikakke a kwana 30. A misalinmu ragin 10,000 ne, a biya 490,000. Mutane suna raina kashi biyu, amma ki duba da kyau: an ba ka 10,000 ne don ka saki 490,000 kwana ashirin kafin lokaci. Idan aka auna shi a shekara ya kai kusan kashi 37 cikin ɗari. Mai kuɗi a ajiye bai kamata ya bar shi ya wuce ba. Sai dai a misalinmu kwana goman suna cika ranar 13 ga Maris, washegarin saukar kaya. Wato domin ya ci rangwamen, sai ya biya kafin ya gama buɗe katon-katon ɗin. Wannan shi ne irin abin da takardarki za ta fito da shi fili, domin yarjejeniyar ba za ta taɓa faɗa ba. Sashen rangwame yana shafi na 9, sashen duba kaya yana shafi na 17, ba wanda ya haɗa su sai ke.

Mu koma ɓangaren mayar da kaya, inda nake so ki fi daɗewa. Abin da mai shago ke kira mayar da kaya, a wurin yarjejeniya abubuwa uku ne daban, kowanne da wa'adinsa da farashinsa. Idan kika haɗa su a layi ɗaya kin cuce shi ba da niyya ba.

Na farko kayan da aibinsu yake a fili ranar sauke su: katon ya jiƙe, ya fashe, ko an ƙirga an samu 196 maimakon 200, ko an kawo wani iri daban. Wa'adin wannan shi ne mafi gajarta. A misalinmu mu ce dole a rubuta aibin a kan webil, wato takardar da ke rakiyar kaya, kafin direba ya tafi, sannan a aika da rubutaccen ƙorafi cikin ranakun aiki uku. Ki lura da bambancin ranakun aiki da kwanaki zalla, ki kuma duba yadda yarjejeniyar ta fassara ranar aiki, domin ba lalle ya dace da ranakun da shagonku ke buɗewa ba. Idan ta cire Asabar da Lahadi, kayan da aka sauke ranar Alhamis 12 ga wata wa'adinsu Talata 17 ne. Idan kwana uku zalla ta ce, ranar Lahadi 15 ya ƙare, lokacin da ƙila ba kowa a ofishin kamfanin.

Na taɓa zuwa wani shago bayan irin wannan ta faru. Mota ta iso dab da rufewa, direba yana gaggawa, injin ma bai kashe ba. Yaron shago ya ƙirga katon-katon ya ga sun cika, ya sa hannu a ƙarƙashin wani layi da aka buga da ƙananan haruffa cewa an karɓi kaya cikakku kuma lafiya. Sai da safe aka ga katon-katon ɗin da ke ƙasa duk sun sha ruwa, kwalayen sun yi laushi har yatsa na shiga. Maigidan ya kira wakilin kamfanin da ke zagayo musu, wakilin ya ce kada ya damu, zai yi magana a ofis. Mako biyu ana wannan. Da aka zo ga takarda, kamfanin ya fito da webil ɗin da sa hannun yaron, ya kuma nuna sashen da ya ce ƙorafi sai a rubuce, zuwa adireshin imel ɗin da aka ambata. Kiran waya ba ya cikin lissafi. Na yi ta juya takardun ina neman wata kafa, ban samu ba, kuma abin ya yi mini ciwo domin mutumin yana da gaskiya, hujja ce ba shi da ita. Tun daga ranar nake sa wannan sharaɗi a saman kowace takarda da na rubuta, ina kuma cewa a karanta wa wanda ke karɓar kaya, domin hannunsa ne ke ɗaure maigida.

Wannan tsauri ba mugun halin wani kamfani ɗaya ba ne, tsohuwar ƙa'ida ce ta ciniki tsakanin 'yan kasuwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a birnin Vienna a 1980, ta ce a sashe na 38 mai saye ya duba kaya cikin mafi gajeren lokacin da zai yiwu, a sashe na 39 kuma ta ce idan bai sanar da mai sayarwa irin aibin cikin lokacin da ya dace ba, ya rasa haƙƙin dogara da shi. Ita ta shafi ciniki ne na ƙetare iyaka, amma tunanin ɗaya ne da na yarjejeniyar da ke hannunki. Kuma kariyar da dokoki ke bai wa mai sayen kaya don amfanin gidansa yawanci ba ta rufe mai shagon da ya saya don ya sayar ba. Shi ana ɗaukarsa ɗan kasuwa ne da ya san abin da ya sa wa hannu.

Na biyu aibin ɓoye, wanda ba a gani sai an buɗe ko an yi amfani da kayan. A misalinmu mu ce an ba da kwana 30 daga ranar sauke kaya, wato 11 ga Afrilu. To ki dubi yadda ranakun suka jeru: biya 2 ga Afrilu idan daga ranar inbois ake ƙirgawa, ƙofar ƙorafi kuma tana buɗe har 11 ga wata. Ke nan akwai yiwuwar ranar biya ta zo alhali ana cikin jayayya a kan wasu kaya. Me zai yi? Hankalin kowane ɗan kasuwa zai ce masa ya cire kuɗin ɓatattun ya biya sauran. Katon 12 sun lalace, kuɗinsu 30,000, sai ya tura 470,000 ya ga ya yi adalci.

Ki nemo sashen da ya yi magana a kan wannan, domin yawancin yarjejeniyoyin da kamfani ya rubuta da hannunsa suna cewa a biya cikakke ba tare da cire komai ba, ko da akwai ƙorafi. Idan haka taku ta ce, cire 30,000 ɗin nan saɓa yarjejeniya ne, ko da kayan sun lalace da gaske. Tarar kanta ba ta da yawa: kashi 2 a wata a kan 30,000 ai 600 ne. Abin tsoron yana wasu sassan. Akwai wanda ke cewa idan aka makara a inbois ɗaya, duk sauran bashin da wa'adinsa bai yi ba ya zama na biya nan take. Akwai wanda ke bai wa kamfani damar dakatar da kawo kaya, ko janye bashin gaba ɗaya ya koma kuɗi hannu. Mutum ya riƙe 30,000 da yake ganin haƙƙinsa ne, sai ya wayi gari ana binsa bashin oda uku a lokaci guda, shago kuma ba sabon kaya. Wasu yarjejeniyoyin suna da sassauci, suna barin a riƙe kuɗin da ake jayayya a kai muddin an rubuta ƙorafi a kan inbois ɗin cikin wasu kwanaki. Ko wanne ne, amsar wannan tambaya dole ta fito ɓaro-ɓaro a takardarki: zai iya cirewa ko ba zai iya ba.

Na uku kayan da lafiyarsu ƙalau, kasuwa ce kawai ba ta karɓe su ba. Nan ki yi hattara da jin daɗin kalmar “ana iya mayarwa”. Idan yarjejeniya ba ta ba da wannan dama a fili ba, to ki ɗauka babu ita, ki rubuta masa haka. Idan ta bayar, tana zuwa da sharuɗɗa. Mu ce cikin kwana 60 daga sauke kaya, wato 11 ga Mayu, katon a rufe yadda ya zo, kada ya wuce kashi 10 na odar, za a cire kashi 15 ladan mayarwa sito, kuɗin mota kuma na mai shago ne. Ki yi masa lissafin, kada ki bar shi da kashi-kashi. Katon 20 kuɗinsu 50,000. A cire 7,500, a cire kuɗin mota mu ce 4,000, ya rage 38,500. Kowane katon da ya saya 2,500 ya dawo masa a 1,925. Da wannan lamba ɗaya ya san abin yi: muddin zai iya karyar da katon a sama da 1,925, gara ya sayar a shago da ya mayar.

Akwai abubuwa biyu da ke bin duk wani mayar da kaya, ko mai aibi ko lafiyayye. Ɗaya, ba a ɗora kaya a mota a tura haka kawai. Sai an nemi izini, kamfani ya ba da lamba, an rubuta ta a jikin kayan. Abin da ya isa ƙofarsu ba lamba suna da damar ƙin karɓa, asarar kuɗin mota zuwa da dawowa ta hau kan mai shago. Biyu, abin da ake ba shi galibi ba tsabar kuɗi ba ne. Takardar ragin bashi ce, wadda za a cire daga odar gaba. Ki duba ko tana da wa'adin ƙarewa, ki kuma duba me zai faru da ita idan aka daina hulɗa. Wanda ke zaton kuɗi zai dawo asusunsa ya biya haya da shi, gara ya sani tun yau cewa kaya ne za su dawo masa.

Wani sharaɗi kuma da nake so ki sa, ko da Yaya bai tambaya ba: kayan na wane ne kafin a gama biya. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa mallakar kaya tana hannunsu har sai kuɗi ya cika, amma asara tana kan mai saye tun daga lokacin sauke su. Wato idan gobara ko ɓarayi suka yi ɓarna a sito, shi zai biya, idan kuma ya kasa biya suna iya neman ɗauke abin da ya rage. Haka nan ki duba ko akwai wurin da zai sa hannu a matsayin mai tsaya wa bashin da kansa, ba da sunan shago kaɗai ba, domin wannan yana kai bashin ga dukiyarsa ta gida. Waɗannan biyun ba naki ba ne ki yanke hukunci a kansu. Naki ki nuna su, ki ce lauya ya duba kafin a sa hannu, saboda ƙarfinsu ya danganta da dokar ƙasar da yarjejeniyar ta zaɓa.

Ga yadda zan rubuta takardar da lambobin misalinmu. Ki lura kowace magana tana ɗauke da lambar sashenta, don in an yi musu a buɗe a gani.

“Yaya, wannan taƙaitawa ce ta yarjejeniyar da aka aiko, ba ta maye gurbinta. Abu uku ne suka fi hatsari. Kwana 30 na biya daga ranar inbois ake ƙirga su, ba daga ranar da kaya suka iso ba. Ba mu da damar cire ko kwabo daga biya saboda ɓatattun kaya. Kuma duk ƙorafin da ba a rubuce yake ba, kamar ba a yi shi ba ne.

“Biya. Inbois na 3 ga Maris, kuɗi ya kasance a asusunsu ranar 2 ga Afrilu, don haka mu tura 31 ga Maris, sashe na 6. Idan muka biya cikin kwana 10 za a rage kashi 2, wato 10,000 a odar 500,000, amma wa'adin na iya cika kafin mu gama duba kaya, sashe na 6. Jinkiri yana jawo kashi 2 a wata, kuma suna iya neman duk bashin da ke kanmu nan take su tsayar da kawo kaya, sashe na 7 da na 19.

“Ranar sauke kaya. Kada kowa ya sa hannu a webil sai an ƙirga an duba kowane katon. Duk aibi a rubuta shi a kan webil, a ɗauki hoto, a aika imel zuwa adireshin da ke sashe na 24 cikin ranakun aiki uku, sashe na 11. Aibin da ya ɓuya muna da kwana 30 daga ranar sauke kaya, sashe na 12.

“Kayan da ba su shiga ba. Ana karɓa cikin kwana 60, a rufe, iyaka kashi 10 na odar. Bayan ladansu da kuɗin mota, katon na 2,500 zai dawo mana a kusan 1,925, kuma ragin bashi za a ba mu, ba kuɗi ba. Sai mun karɓi lambar izini kafin mu tura, sashe na 13.

“Kafin ka sa hannu ina ba da shawarar mu nemi abu biyu: a fara ƙirga kwanakin biya daga ranar sauke kaya, a kuma bar mu mu riƙe kuɗin abin da muka rubuta ƙorafi a kansa. Sashe na 15 kan mallakar kaya da shafin da za ka tsaya wa bashi da kanka, lauya ya gani tukuna.”

Kin ga abin da na bari a waje: sirrin ciniki, amfani da tambarin kamfani, inshorarsu, dogon bayanin sasanta rikici. Ba don ba su da amfani ba, sai don ba su aka tambaye ki ba, kuma ba su da ranar da za ta wuce a yi asara. In kina so ki ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa takardar ba ta taɓa waɗannan ba, don kada ya zaci shirunki yana nufin babu komai a cikinsu.

Wajen rubutu ki kiyaye ƙananan kalmomi, domin a nan mai taƙaitawa ke canja ma'ana bai sani ba. Idan yarjejeniya ta ce kamfani yana iya karɓar kaya in ya ga dama, kada ki rubuta za su karɓa. Na farko alfarma ce, na biyu haƙƙi ne, kuma Yaya zai yi oda mai yawa bisa wanda kika rubuta masa. Idan ta ce za su gyara ko su musanya ko su rage bashi, ki duba wa ke da zaɓin, yawanci su ne. Inda kuma kika ga sassa biyu suna karo, ko wuri ya yi duhu, kada ki zaɓi fassarar da ta fi muku daɗi ki wuce. Ki rubuta cewa sashe kaza ya ce haka, rataye ya ce haka, an tambayi kamfani a rubuce, ana jiran amsa. Amsar da suka bayar a nemi a shigar da ita cikin yarjejeniyar kanta, saboda yawanci akwai sashen da ke cewa duk alkawarin da ba ya cikin takardar da aka sa wa hannu ba ya aiki, ciki har da abin da wakili ya faɗa da baki a shago.

Idan kin gama, ki gwada takardar kafin ki miƙa. Ki ba wanda ke karɓar kaya a shagon, wanda bai taɓa ganin yarjejeniyar ba, ki ce masa: an sauke kaya yau Alhamis, katon huɗu sun fashe, inbois na makon jiya ne, me za ka yi, zuwa yaushe, kuma yaushe za a tura kuɗi? Idan ya amsa daga takardar kaɗai ba tare da ya waiwayo ki ba, ta yi. Inda ya tsaya yana laluben amsa, ki koma ki gyara wurin. Sai ki sa ranar da kika rubuta ta a sama, tare da ranar da ke kan kwafin yarjejeniyar da kika karanta, domin idan kamfanin ya amince da gyaran da kuka nema zai aiko da sabon kwafi, lambobin sassa na iya motsawa, sai ki sake bin sa da biro kala biyun nan.